Raba hanya a VPN: yadda banki zai bi hanyarsa kai tsaye

Wanda ya kunna VPN a wayarsa, duk bayanansa sai sun ratsa ta sabar kamfanin VPN kafin su isa inda za su. Idan sabar tana London, manhajar bankinsa za ta ga kamar daga Ingila yake shigowa, ta yiwu ta hana shi shiga. Maganin wannan shi ne `Split tunneling`, wato raba hanya.

A wayar Android, za ka shiga saitin manhajar VPN, ka zaɓi manhajar banki ka ware ta. Daga nan banki zai bi layin wayarka kai tsaye, sauran manhajoji kuma su ci gaba da bin VPN. Ofisoshi sukan raba ta adireshi ne: abin da ya nufi 10.0.0.0/8, wato adiresoshin cikin gida, shi kaɗai ke shiga VPN.

Sai dai abin da ka ware ba ya samun kariyar VPN, kuma kamfanin layinka yana ganin inda ya nufa. Don gwaji, ware burauza ɗaya ka duba adireshin IP ɗinka a cikinta. In ya nuna ƙasarku, rabon ya yi aiki.