Neman ɗage darasi wajen malamin intanet: yadda ake rubuta saƙon

Ɗaliban da ke karatu ta waya sun yawaita. Wani yana Kano yana ɗaukar tajwidi wajen malaminsa da ke Alƙahira, wata tana Maraɗi tana koyon Turanci wajen malama a Landan. Ko ba jima ko ba daɗe, wata rana wani abu zai faɗo daidai lokacin darasi, irin wanda ba a iya ture shi: jarrabawa, ganin likita, ko aikin da oga ya sa. A nan ne da yawa suke yin abin da suka saba yi da malamin zaure. Sai su rubuta "Assalamu alaikum Malam", su ajiye waya suna jiran a amsa sallama kafin su shiga magana.

Ladabi ne, babu musu. Amma malamin intanet ba a zaure yake zaune ba, inda in ba ka zo ba wani almajirin zai matso ya biya karatunsa. Awar da ya ware maka taka ce kai kaɗai, ya hana wani ita, kuma sau da yawa da ita yake cin abinci. In sallama ta ci awa uku kafin a amsa, gaisuwa ta ci wasu biyu, kafin a zo kan batun rana ta faɗi. Don haka saƙo ɗaya ya kamata ya ɗauke komai, ta yadda malam zai karanta ya ce "to" kawai, magana ta ƙare.

Mu ɗauki misalin wata ɗalibar jami'a a Kano. Tana da darasi duk Talata da ƙarfe 4:30 na yamma wajen wani malami Bahaushe da ke karatu a Azhar. Ranar Lahadi sai aka sanar a ajinsu cewa an sa gwaji ranar Talata ƙarfe 4. A daren Lahadin, ba da safiyar Talata ba, ta rubuta:

"Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Da fatan an wuni lafiya. Ina neman alfarmar a ɗage darasinmu na Talata, 17 ga Yuni, na ƙarfe 4:30 na yamma, saboda an sa mana gwaji a makaranta a daidai lokacin, kuma ba ni da ikon canza shi. Idan Malam yana da sarari, zan iya Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe 4:30 na yamma agogon Najeriya, wato 6:30 a Alƙahira, ko Asabar, 21 ga Yuni, ƙarfe 10 na safe agogon Najeriya, wato 12 na rana a wajenku. In duka ba su yi ba, Malam ya zaɓi lokacin da ya fi masa sauƙi. A gafarce ni, na gode."

Gaisuwa tana nan, girmamawa tana nan, amma ba su tare hanya ba. Dalilin bai wuce numfashi ɗaya ba, kuma hakan ya isa. Malam ba ya buƙatar tarihin yadda lakcara ya sauya jadawali. Abin da ya fi nauyi a saƙon shi ne lokutan nan biyu da ta kawo. Wanda ya ce "a ɗage min" ya yi shiru, ya ɗora wa malam aikin nemo wata rana, sannan a shiga kai-komo: ya ce Alhamis, ka ce kana da lakca, ya ce Juma'a, ka ce za ku ƙauye. Lokaci biyu a ranaku daban-daban yakan kashe wannan zancen tun daga tushe.

Batun agogo kuwa, nan ne aka fi yin tuntuɓe. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, kuma ba ya motsi duk shekara. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da ɗaya, Saudiyya da biyu. Waɗannan da sauƙi. Masu rikitarwa su ne ƙasashen da ke tura agogonsu gaba a wani yanki na shekara. Masar ta dawo da wannan tsari a 2023: daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tana gaban Najeriya da awa biyu, sauran watanni kuwa awa ɗaya. Birtaniya tana daidai da mu daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, bayan nan ta koma bayanmu da awa ɗaya. Shi ya sa ɗalibar ta rubuta agogon biyu. Ko da ta yi kuskuren lissafi, malam zai gani nan take ya gyara.

Mu kuma mun saba auna yini da salloli, kuma a cikin gari ɗaya hakan ba ya ɓata komai. A ce ta rubuta "bayan Isha'i". A watan Yuni, malam zai idar da tasa Isha'in a Alƙahira ya buɗe waya tun ba a kira ta Kano ba. Ita kuma kafin ta yi sallah ta zauna, wajen 8:30, a can 10:30 na dare ta yi. Kowa ya cika alkawari, amma ba a haɗu ba. Haka "gobe" take: saƙon da aka tura da dare aka karanta da safe, gobensa ta zama wata rana daban. A sa suna da kwanan wata.

Sai maganar yaushe za a tura. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Malamai da yawa suna neman a sanar da su awa 24 kafin darasi, kuma manhajojin da ake biyan kuɗi ta cikinsu suna da ƙa'ida a rubuce. A Preply, misali, awa 12 ce. In an wuce wa'adi, ana iya lissafa darasin tamkar an yi shi, sai dai in malam ya yafe. Rasuwa ko rashin lafiya na farat ɗaya, kowane malami mai hankali ya san ba a shirya musu. Ɗaurin aure kuwa da katinsa ya fito tun makon jiya ba ya cikin wannan sahu. Wanda ya makara, gara ya faɗa da bakinsa: "Na san na wuce lokacin sanarwa, in darasin ya tafi a haka ba komai." A ganina wannan ya fi ƙirƙiro zazzaɓi, domin malamin da ke ganin fuskarka duk mako ba ya rasa ganewa.

Tura saƙo ba shi ne ɗage darasi ba. A WhatsApp, alama ɗaya tana nufin saƙon bai ma isa wayarsa ba, biyu na nufin ya isa, ba lallai an karanta ba. Saƙon murya kuma ya fi jinkiri, don malamin da ke tsakiyar koyar da wani zai iya leƙa rubutu amma ba zai kunna murya ba. In har safiyar Litinin ɗalibarmu ba ta ji amsa ba, sai ta tuna masa a taƙaice, ko ta kira. Idan kuma ta manhaja ake biya, yardar da malam ya bayar a hira ba ta taɓa jadawalin. Dole a shiga a danna Reschedule a zaɓi sabon lokacin, in ba haka ba manhajar tana nan tana jiran Talata, kuma za ta cire kuɗinta.

In gwajin ya zama na kowace Talata har ƙarshen zango, ba ɗagewa ake nema ba kuma. Sai a zauna da malam a sauya ranar darasin gaba ɗaya.