Babban kafasito ba kyauta ba ne: lissafin da mai gyaran rediyo ya kamata ya sani

Duk wanda ya taɓa jin amfilifaya tana gurnani a ƙarƙashin muryar mai magana ya riga ya ji abin da injiniyoyi ke kira rifil, ko da bai san sunansa ba. Idan aka kai ta shagon gyara, sau da yawa maganin da ake yi guda ne: a cire kafasiton da ke ciki a sa wanda ya fi shi girma. Gurnanin yakan ragu kuwa. Amma akwai wanda ke biyan kuɗin wannan sauƙin, kuma dayod ne da tiransifoma.

Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya da Nijar AC ce, tana juya alkibla, zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Rediyo da amfilifaya kuwa DC suke so, mai tafiya hanya ɗaya. Aikin gadar dayod huɗu ke nan. Dayod ƙofa ce da wuta ke bi ta gefe ɗaya kawai. An jera huɗun ta yadda in wutar ta nufi gaba biyu za su buɗe, in ta juyo sauran biyun su karɓa, kuma kullum ta fita ta waya guda. Karol Pollak ɗan ƙasar Folan ya yi wa tsarin rajista a 1895, ko da yake sunan Leo Graetz na Jamus ya fi manne masa. Abin da ke fitowa daga gadar tudu ne bayan tudu, guda 100 a daƙiƙa, kowane yana tashi daga sifili ya koma sifili. Kafasito ne ke cike kwarin da ke tsakaninsu, kamar randar da ake ɗiba ba tsayawa amma famfo ke zubo mata ruwa jefi-jefi.

Mu ɗauki tiransifoma mai ba da bolt 12, da na'urar da ke jan amfiya 1, da kafasito mai mikrofarad 4700. Bolt 12 ɗin da aka rubuta a jikin tiransifoma ba shi ne ƙololuwa ba. Sai an ninka shi da 1.414, a sami kusan bolt 17. Kullum wutar na ratsa dayod biyu, kowace tana cin kamar bolt 0.7, saura 15.6. Nan kafasito ke cika. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kafasito mai rubutun 16V bai dace da wurin ba. A sa mai 25V, domin idan ba a jan komai ko wutar gari ta ƙaru, za a haura 16.

Daga wannan tudu zuwa na gaba akwai milisakan 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A kusan duk wannan lokaci kafasito ne kaɗai ke ciyar da na'urar, ƙarfinsa yana sauka. Yawan saukar shi ne rifil:

```
Vr = I / (2 × f × C)
Vr = 1 / (2 × 50 × 0.0047) = 2.1 V
```

Ke nan wutar na lilo tsakanin 15.6 da 13.5, sau 100 a daƙiƙa. Ko hakan matsala ce? Ya danganta da abin da ke gaba. Idan akwai regileta 7812, wadda ke buƙatar kusan bolt 14 a bakinta kafin ta riƙe 12 daidai, to a ƙasan kowane kwari za ta saki, gurnani ya shige. Ranar da wutar gari ta yi rauni kuwa abin ya fi muni, tunda ƙololuwar ma ta sauko.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. Dayod ba ta buɗewa sai wutar tiransifoma ta haura abin da ke cikin kafasito. Tunda kafasito bai sauka ƙasa da 13.5 ba, dayod na rufe har sai tudu ya kusa kai ƙarshensa. A misalinmu ƙofar na buɗe na kusan milisakan 1.7 kacal cikin 10. A wannan ɗan lokaci dole a mayar da duk abin da na'urar ta sha a milisakan 10. Abin da aka kashe a hankali za a biya cikin gaggawa, don haka matsakaicin abin da ke ratsa dayod lokacin da take buɗe ya kai amfiya 6 zuwa 7. Kuma ba a shimfiɗe yake ba: yana farawa da ƙarfi ya gangaro zuwa sifili, saboda haka tsininsa ya kusa ninki biyu. Ga yadda ake ƙiyasta shi:

```
Ipk = I × (1 + 2π × √(Vp / (2 × Vr)))
Ipk = 1 × (1 + 6.28 × √(15.6 / 4.2)) = 13 A
```

Amfiya 13, a na'urar da mita ke cewa amfiya 1 take ja. Mita ba ta yi ƙarya ba, matsakaici take nunawa.

To a sa kafasito mai mikrofarad 10,000. Rifil zai sauko zuwa bolt 1, regileta ta samu sararin aiki. Amma ƙofar ta ƙara ƙuntata zuwa wajen milisakan 1.1, lissafin tsinin kuma ya haura amfiya 18. Abin da aka rage a wani wuri ya fito a wani.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa tiransifoma ba ta da tirjiya ko kaɗan. A zahiri wayarta na da ita, kuma a ƙananan tiransifomomi tirjiyar na danne tsinin sosai tana faɗaɗa lokacin buɗewar. A ɗauki 13 ɗin a matsayin iyaka ta sama. Sai dai dannewar zafi take zama a cikin waya, shi ya sa masu ƙira ke zaɓar tiransifomar da za ta iya ba da kusan ninki 1.8 na abin da na'urar ke ja. Ga amfiya 1, a nemi mai amfiya 2.

Dayod fa? 1N4007 da ta cika kasuwa an yi ta don matsakaicin amfiya 1, kuma a gada kowace dayod rabin aikin take yi, wato amfiya 0.5. A takarda ta isa. Adadin amfiya 30 da ke takardar bayaninta kuwa na bugu ɗaya ne mai tsawon milisakan 8.3, ba na maimaitawa ba. Lokacin kunnawa ake buƙatarsa, sa'ad da kafasito yake fanko yana zuƙar duk abin da ya samu, kuma girmansa na ƙara tsawon wannan zuƙa. A ganina, da zarar kafasito ya kai mikrofarad 4700 a akwati mai zafi, gara a sa 1N5408 mai amfiya 3. Bambancin kuɗin kaɗan ne.

Kafin a sauya komai, a gano mai laifi. A auna DC a kan kafasito yayin da na'urar ke aiki, sannan a auna rifil da mitar da ke iya ware AC daga DC. Idan rifil ya zarce lissafi nesa, ko kan kafasito ya kumbura, ya bushe ne. Zafinmu na gaggauta haka, domin ƙarin digiri 10 na rage rayuwarsa da kusan rabi. Maganinsa sabo mai girma ɗaya da tsohon. Idan kuwa rifil ya ninka biyu kuma gurnanin ya yi kauri, mai yiwuwa dayod ɗaya ta yanke, tudu ya koma 50 a daƙiƙa maimakon 100. Dayod da ta haɗe ciki kuma takan ƙona fis ko ta dafa tiransifoma. A zare filogi, a sauke cajin kafasito ta hanyar rezisto, sannan a gwada dayod huɗun ɗaya bayan ɗaya.