Tartsatsin Wuta a Cikin Maikurowef: Daga Ina Yake Fitowa?

An saka kwanon shinkafa a na'urar ɗumama abinci, wato maikurowef, an danna minti biyu. Ba a kai daƙiƙa goma ba sai ga wani haske shuɗi-shuɗi yana walƙiya a ciki, da ƙara tas-tas-tas, sai kuma wani ƙauri mai kama da na ƙonanniyar waya. Yawancin mutane kan ɗauka na'urar ta lalace, ko kuma wutar lantarki ce ta zo da ƙarfi. A mafi yawan lokuta ko ɗaya ba haka ba ne. Ko dai an saka wani abu da bai dace ba, ko kuma wani ɗan wuri a jikin bangon ciki ya yi datti har ya ƙone. Duka biyun mai gida zai iya gane su da idonsa.

A bayan madannan na'urar akwai wani sashe da ake kira maganetiron. Shi ke samar da igiyoyin da ke ɗumama abinci, waɗanda ke kai-da-kawo sau biliyan 2.45 a kowace daƙiƙa, tsawon kowace igiya kuma kamar santimita 12 ne. Idan suka shiga abinci, ruwan da ke cikinsa yana shanye su, ya yi zafi. Ƙarfe kuwa ba ya bari su ratsa shi, mayar da su yake yi. Shi ya sa bangon na'urar kansa da ƙarfe aka yi shi, ragar da ke jikin gilashin ƙofa ma ta ƙarfe ce, kuma ramukanta sun yi wa igiyar santimita 12 ƙanƙanta ta fita. To idan ɗakin kansa ƙarfe ne, me ya sa cokali mai yatsu ke tayar da wuta?

Amsar tana cikin siffar ƙarfen. Igiyoyin nan suna tura lantarki ya riƙa kai-da-kawo a saman duk wani ƙarfe da suka taɓa. A kan bango mai faɗi da santsi, lantarkin yana bazuwa ko'ina, ba ya taruwa a wuri ɗaya. A kan tsini ko kaifi kuwa, sai ya cunkushe a ɗan ƙaramin wuri. Iska a karan kanta ba ta ɗaukar lantarki, amma tana da iyaka: idan ƙarfin ya kai kimanin bolt 30,000 a tazarar santimita ɗaya, sai ta ba da hanya, lantarkin ya tsallaka. Wannan tsallakawar ita ce tartsatsin da ake gani, walƙiyar damina ce a ƙaramin ma'auni. Cokali mai yatsu yana da tsini huɗu kusa da juna, saboda haka ya haɗa abubuwa biyun da wutar ke nema, tsini da ƙaramar tazara. Takardar foyil da aka cukuikuye ta fi shi muni, domin kowace lanƙwasa a jikinta kaifi ne, kuma kaifin suna fuskantar juna.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi shafar gidajenmu, ita ce ta ƙarfe mai sirantaka ƙwarai. Farantan tangaran masu zoben ruwan gwal ko na azurfa a baki, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya, wannan zoben ƙarfe ne na gaske da aka shafa siriri. Lantarki na zagaya shi, shi kuma ba shi da kaurin da zai ɗauke shi, sai ya yi zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya tsinke a wani wuri, wuta ta riƙa tsallake tsinkewar. Abin da ake samu bayan haka shi ne baƙin tabo a bakin farantin, wani lokacin ma ya tsage. Haka abin yake ga kofunan shayi masu adon gwal, da ledojin kayan ci masu ƙyalli a ciki kamar na biskit da madarar gari, da kwalin lemo mai shimfiɗar alminiyam a ciki. Idan aka buɗe leda aka ga cikinta yana sheƙi kamar madubi, ba ta shiga maikurowef.

Kwanukan ƙarfe fa? Kwanon silba mai kauri da santsi, idan yana tsakiya bai kusanci komai ba, yana iya zagayawa bai yi tartsatsi ba, kuma wannan ne ke sa wasu su ce sun sha sakawa ba abin da ya faru. Amma matsalarsa biyu ce. Ta farko, yana kare abincin daga igiyoyin, sai saman kawai ya yi ɗumi, ƙasa yana nan da sanyinsa. Idan da murfi a kansa kuwa, abincin ba ya samun komai, igiyoyin su rasa mai shanye su, su koma wa maganetiron ɗin su dafa shi. Ta biyu, faifan gilashin nan yana juyawa, kuma duk lokacin da bakin kwanon ya zo daf da bango, an samu ƙaramar tazara tsakanin ƙarfe biyu. Wuta na tsallakawa ta ƙona fentin bangon. A ganina, wannan ya isa dalilin da za a bar kwanon silba a waje baki ɗaya. Langa da samira da sauran kwanukan fenti su ma ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin, kuma inda fentin ya ɓare akwai kaifi. Kular abinci da yawa roba ce a waje, ƙarfe a ciki. A juye abincin a wani mazubi.

Sai ƙananan abubuwan da ido ke tsallakewa: ƙusar sitefula a jikin takardar da aka naɗe tsire ko kilishi, 'yar wayar da ake ɗaure ledar burodi, cokalin da aka manta a cikin miya yana taɓa bango, da zaren soson ƙarfe da ya maƙale a faranti bayan wanke-wanke. Zare ɗaya tak na soson ƙarfe ya isa ya yi ja ya kunna takarda ko mai. Jaridar da ake naɗe tsire da ita ma bai kamata ta shiga ba ko da babu ƙusa, saboda tawada da kuma saurin kama wuta idan ta jiƙe da mai.

Littafin wasu na'urorin ya yarda a rufe wani sashe na abinci da ɗan foyil, misali ƙarshen cinyar kaza don kada ya bushe. Sharaɗin shi ne foyil ɗin ya zama sabo mai santsi, ya manne da abincin, kada ya rufe fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, kuma ya nisanci bango da aƙalla santimita biyu da rabi. Ragar ƙarfen da ta zo tare da na'urar an ƙera ta ne don wannan na'urar, ba a aro ta wata.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne tartsatsi alhali babu ƙarfe ko kaɗan. A ɗauki misalin na'urar da ake ɗumama miyar manja a cikinta kullum ba tare da rufi ba. Wata rana an saka farantin tangaran fari fat, sai wuta ta riƙa fitowa daga gefen dama, a wuri ɗaya kullum. A kashe, a zare filogi, a leƙa wannan bangon. Za a ga wani ɗan allo kamar tafin hannu, mai launin toka-toka, da yake kama da kwali. Da ma'adinin maika aka yi shi, kuma yana rufe bakin bututun da igiyoyin ke fitowa ta ciki, don kada tururi da mai su shiga. A nan ne igiyoyin suka fi ƙarfi. Fantsalin miya da ya bushe a kansa yana ta dahuwa kullum har ya zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar lantarki. Daga nan wuta ta fara tsallakawa, kowace tsallakawa tana ƙara gawayin, har ta huda allon.

Idan datti ne kawai a kansa, a goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Idan akwai baƙin tabo da ya ci cikinsa, ko huda, ko ya fara ɓarewa, gogewa ba za ta yi ba, sai an canja. Ɗan maƙalin roba ko sukurori ne ke riƙe shi daga ciki. Masu sayar da kayan gyaran lantarki suna da faifan maika, a ɗora tsohon a kai a zana, a yanka daidai. Kafin a mayar, a goge bakin bututun da ke bayansa. Kada a maye gurbinsa da kwali ko roba, kada kuma a yi aiki da na'urar babu shi. Bayan an mayar, a gwada da kofin ruwa na minti ɗaya. Ba a kunna maikurowef babu komai a ciki.

Idan allon lafiya lau yake, a ɗaga faifan gilashi a duba hanyar da ƙananan tayoyin ke bi, da kusurwoyi, da bakin ƙofa. Inda fenti ya ɓare, tsatsa ta kama, akwai kaifi da zai iya jawo wuta. Ƙaramin wuri ana iya kankare shi a shafa fentin da aka yi musamman don cikin maikurowef. Tsatsar da ta huda bango kuwa ta gama da na'urar. Idan duk wannan ba a ga komai ba, ga tartsatsi ga gurnani mai ƙarfi, abinci kuma ba ya zafi, matsalar tana can ciki, aikin mai gyara ne. Kada kowa ya kwance murfin waje a gida. Akwai kafasita a ciki da ke aiki da bolt kusan 2,000, tana iya riƙe caji bayan an zare filogi, kuma tana kisa.

Abinci ma kan yi tartsatsi. Ƙananan yankan karas ko koren wake da suka taɓa juna a busasshen faranti sukan yi, haka 'ya'yan inabi biyu da ke manne. Ɗan ruwa a cikin farantin yakan magance shi.

Mazubin da ya dace shi ne gilashi mai jure zafi, tangaran marar adon ƙarfe, da robar da ke ɗauke da alamar layuka masu lanƙwasa a gindinta. Farantan melamin, masu kama da tangaran amma marasa nauyi, ba sa tartsatsi, sai dai suna shan zafi su tsage ko su ƙone. Farar robar kumfa ta abincin saye tana narkewa idan mai ya yi zafi. Don gwada mazubin da ba a tabbatar da shi ba, muddin babu ƙarfe a jikinsa, a ajiye shi babu komai kusa da kofin ruwa, a kunna minti ɗaya. Idan ruwan ya yi zafi mazubin bai yi ba, ya dace. Idan mazubin ya yi zafi, yana shan igiyoyin, a bar shi.

Duk lokacin da aka ga tartsatsi, a danna tsayawa nan take. Walƙiya ɗaya ko biyu ba kasafai take lalata na'ura ba, barin ta ta ci gaba ne ke ƙona bango da maganetiron. Idan har takarda ko mai ya kama da wuta, kada a buɗe ƙofa, domin iska za ta ƙara mata ƙarfi. A kashe, a zare filogi ko a sauke wutar gidan, a jira ta mutu da kanta a ciki, sannan a duba allon maika da fentin bango kafin a sake kunnawa.