Tabon Tawada ko Jerin Tambayoyi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Gwajin Hali

A ƙauyukan Dambatta, Bichi, Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba a buƙatar takarda kafin a san halin mutum. Mai son sanin halin wanda zai ba 'yarsa maƙwabta yake tambaya, ko abokan gayya. Amma likitan ƙwaƙwalwa da aka kawo wa baƙo a asibitin Dawanau ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ba shi da shekara ashirin ta zama tare. Dole ya fahimci mutum cikin ɗan lokaci. Wannan buƙata ce ta sa masana halayyar ɗan Adam suka ƙirƙiro gwaje-gwajen hali, kuma suka rabu gida biyu a kan yadda za a yi su.

Gida na farko yana cewa idan ka tambayi mutum kai tsaye, abin da yake so ka ji zai faɗa maka. Don haka a ba shi wani abu marar takamaiman siffa, a bar shi ya ba abin ma'ana, sai abin da ke cikin zuciyarsa ya fito bai sani ba. Mafi shahara a nan shi ne gwajin tabon tawada na Hermann Rorschach, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya wallafa shi a 1921. Katuna goma ne, kowanne da tabon tawada mai ɓangare biyu iri ɗaya. Biyar baƙi ne da toka-toka, biyu an haɗa da ja, uku masu launuka ne. Ana miƙa wa mutum kati a ce, me wannan zai iya zama? Ana rubuta duk abin da ya faɗa, sannan a koma kan katunan ya nuna inda ya ga abin da kuma dalilin da ya sa ya yi kama da shi. Akwai kuma gwajin hotuna na Henry Murray da Christiana Morgan na 1935, inda mutum ke ƙaga labari a kan hoto, da gwajin da ake cewa a zana mutum.

Gida na biyu jerin jimloli yake ba mutum, ya amsa da gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne. Babba a cikinsu shi ne MMPI, wanda Starke Hathaway da J. C. McKinley suka fitar a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1943. Bugu na biyu na 1989 yana da jimla 567, na uku na 2020 kuma 335. Hathaway da McKinley ba su zaɓi jimlolin bugu na farko don sun yi daɗin ji ba. Sun ba masu wata cuta da aka riga aka tabbatar, suka ba masu lafiya, duk jimlar da ta raba rukunin biyu suka riƙe ta. Amfanin wannan tsari shi ne ko wa ya yi makin takardar, lamba ɗaya zai samu.

Gardamar ta taso ne daga wannan wuri. Idan malamai biyu suka duba amsoshin mutum ɗaya a kan tabon tawada, ɗaya ya ce mai tsoro ne, ɗaya ya ce mai fushi ne, to halin wa aka auna, na mai amsa ko na mai fassara? A 1967 wasu ma'aurata masana, Loren da Jean Chapman, suka yi wani bincike da ya girgiza fannin. Sun haɗa zane-zanen mutane da bayanan alamomin cuta haka kawai, ba tare da wata alaƙa ba, suka ba ɗalibai. Ɗaliban suka ce sun lura masu zargin mutane sukan zana idanu ta wata irin siga. Babu wannan alaƙa a cikin takardun, amma ita ce ƙwararru ke cewa sun daɗe suna gani a wurin aiki. Hankali ne ke haɗa ido da zargi, sai mutum ya ɗauka gogewa ce ta koya masa.

Masu kare tabon tawada ba su zauna ba. A 1974 John Exner ya fitar da tsari mai ƙa'ida: kowace amsa ana duba wurin da aka gan ta a katin, da ko siffa ce ta jawo ta ko launi ko motsi, da kuma yadda ta dace da ainihin siffar tabon. An samu ci gaba, sai dai wata matsala ta ɓullo. A 1999 aka gwada mutum 123 masu lafiya a Kalifoniya da wannan tsari, sai kusan ɗaya cikin shida ya fito da makin da ke nuna alamar taɓin hankali mai tsanani. A 2000 Scott Lilienfeld da James Wood da Howard Garb suka bi diddigin binciken da aka tara, suka ce kaɗan ne daga ma'aunan waɗannan gwaje-gwaje suke da hujja. A 2013 kuma Joni Mihura da abokan aikinta suka auna ma'auni 65 na tsarin Exner ɗaya bayan ɗaya. Goma sha uku sun samu hujja mai ƙarfi, musamman masu gano rikicewar tunani da ganin abubuwa ba yadda suke ba. Wasu goma sha uku ba su da hujjar kirki, goma sha biyu kuma babu binciken da za a dogara da shi a kansu. Wato gwajin yana da abin da ya iya, amma bai kai yadda masoyansa ke kururutawa ba.

Hausawa ma an taɓa ɗora su a kan irin wannan ma'auni. A 1966 Robert LeVine, wani masani Ba'amurke, ya wallafa binciken da ya yi a kan samari 'yan sakandare Hausawa da Yarbawa da Ibo. Ya sa sun rubuta mafarkansu, aka ba masu maki waɗanda ba su san ƙabilar kowa ba, suka ƙirga mafarkan da ke nuna ƙoƙarin cim ma wani buri. Ibo suka zo a sama, Hausawa a ƙasa. A rubutun insha'i kuma Hausawa suka fi kowa ambaton biyayya da bin na gaba. LeVine ya danganta haka da tsarin barantaka, inda mutum ke ɗaukaka ta hanyar ubangida.

Ya yi taka-tsantsan gwargwadon zamaninsa, amma a ganina ramin yana can ƙasa. Yaron da ya tashi a gidan Musulmi an koya masa cewa mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, mai kyau kuma sai ga masoyi. An kuma koya masa cewa bayyana buri a gaban baƙo rashin kunya ne. To abin da ya rubuta a takarda, himmarsa ce ko tarbiyyarsa? Kano da ta fitar da Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma, ga fataken goro da suka riƙa taka ƙasa har Gwanja, ba a ce mutanenta ba su da himma ba. Haka nan idan mahauci ya kalli tabo ya ce ga huhu ga hanta, littafin maki zai iya ɗaukar haka a matsayin yawan damuwa da jiki, alhali abin da yake taɓawa kullum ne ya gani.

Kada a ɗauka jerin tambayoyi ya tsira. Makinsa ba ya da ma'ana sai an kwatanta shi da na wasu mutane, kamar yadda tiya ba ta gaya maka komai sai ka san ta wace kasuwa ce. Mutanen da aka fara kwatanta kowa da su a MMPI su 724 ne, masu zuwa dubiya a asibitin jami'ar, fararen fata, yawancinsu mazauna karkara da ƙananan garuruwa.

Ga yadda lissafin yake. Ana mayar da makin mutum zuwa wani ma'auni da matsakaicinsa 50 ne, kowace tazara ɗaya daga matsakaici tana ƙara 10, kuma a bugu na biyu daga 65 ake fara cewa akwai abin dubawa. Mu ƙaddara wani manomi daga Makoɗa ya samu 18 a ɓangaren da ke auna baƙon tunani. Lambobin na misali ne. Idan matsakaicin waɗanda aka kwatanta shi da su 10 ne, tazararsu 4, ya wuce su da 8, wato tazara biyu, makinsa ya zama 70, ya haye layi. Amma irin wannan ɓangare yana tambaya a kan iskoki da makircin maƙiya. A inda imani da aljanu yake cikin addini, kuma maganar sammu ba baƙuwa ba ce, masu lafiya da yawa za su ce gaskiya ne. Idan matsakaicin mutanen yankinsa 14 ne, ya wuce su da 4 kacal, makinsa 60, bai kai layi ba. Amsoshinsa ba su canja ba, waɗanda aka auna shi da su ne suka canja.

Ga kuma wanda bai iya karatun boko ba, sai an karanta masa. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta saboda kunya, wane ne zai sa ta amsa wa baƙon namiji tambaya a kan zaman aurenta? Dattijon da ko yana kwance aka gaishe shi zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi, zai iya fitowa kamar mai ɓoye gaskiya a ɓangaren da ke kama masu gyara kansu. Wani kuma don girmama mai tambaya ko me aka ce sai ya ce haka ne. Wannan ba hasashe ba ne. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa sun karanta wa 'yan ƙabilar Tsimane ta Bolibiya, manoma da mafarauta, tambayoyin da ke auna manyan halaye biyar da ake cewa kowa na da su, halayen biyar ba su fito a rarrabe ba.

Duk da haka gidajen biyu ba daidai suke ba. Jerin tambayoyi ya fi tsayawa da ƙafarsa, domin kuskurensa ana iya ganinsa a gyara: a fassara shi zuwa Hausa, wani daban ya mayar da shi harshen asali a ga ko ma'ana ta kauce, sannan a gwada shi a kan ɗaruruwan mutanenmu masu lafiya. Tabon tawada yana da amfani a hannun wanda ya koyi tsarinsa, musamman wajen gano rikicewar tunani. Karanta hali daga girman ido ko hannu a zane kuwa shi ne mafi rauni.

Idan aka yi wa ɗan'uwanku irin wannan gwaji, a asibiti ko a makaranta ko don rahoton kotu, ku tambaya cikin ladabi: da wane harshe aka yi shi, kuma da su wa aka kwatanta makinsa? Ku tambaya ko an zauna da shi an ji tarihinsa, an kuma saurari waɗanda ke kwana gida ɗaya da shi. Ƙwararren ma'aikaci ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, kuma ba zai yanke hukunci a kan lafiyar hankalin mutum da gwaji ɗaya ba.