Shekara shida daga yaushe? Ajiyar rasit da takardun ciniki kafin zuwan masu haraji

Tambayi ɗan kasuwar da ke da akanta shekara nawa ake ajiye takardun ciniki, zai ce maka shida. Amsar daidai ce. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ce a adana takardun lissafi shekara shida, haka ma sabuwar dokar gudanar da haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wurin ƙirga shidan. Yawancin mutane daga kwanan watan da ke jikin takarda suke farawa, su kuwa masu haraji ba daga nan suke farawa ba.

A ɗauka akwai wani kamfani a Kano da ke sayar da fenti da tayil, cinikinsa na shekara ya kai naira miliyan 600, kuma yana rufe littafinsa kowace 31 ga Disamba. Ranar 14 ga Janairun 2025 ya sari fenti daga Legas, aka ba shi inbois, wato takardar da mai sayarwa ke rubuta kaya da farashi da haraji a ciki. Wannan sari yana cikin lissafin 2025. Amma ribar 2025 sai a 2026 ake yanka mata haraji, domin a tsarin Najeriya ribar bara ake dubawa a yanka harajin bana. Dokar haraji kuma cewa ta yi shekara shida bayan shekarar da aka yanka harajin. To sai a ƙirga: 2027, 2028, har zuwa ƙarshen 2032. Takardar Janairun 2025 ba ta da izinin shiga shara sai Janairun 2033, kusan shekara takwas ke nan. Wanda ya ƙona ta a farkon 2031 yana ganin ya cika sharaɗi, ya bar kansa shekara biyu ba kariya. Ni dai shawarata mai sauƙi ce: a rubuta shekarar ciniki a jikin kwali, a ƙara mata takwas, kada a taɓa kwalin kafin wannan shekarar ta kama.

Dalilin shidan shi ne iyakar lokacin da hukuma ke da ikon waiwayowa ta ce harajin da aka biya bai cika ba. Sai dai wannan iyaka ba ta aiki idan aka gano zamba ko ƙarya da gangan a cikin bayanan da aka miƙa, a nan hukuma na iya komawa baya iya yadda ta ga dama. Haka kuma idan an riga an fara bincike a kan wata shekara, ko magana tana gaban kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ba a zubar da ko ƙyallen takarda na wannan shekara sai an kammala, ko da shidan ta wuce.

Akwai kuma takardun da wannan ƙirga ba ta ishe su ba. Idan kamfanin nan ya sayi motar ɗaukar kaya ko janareto, ba a cire masa kuɗin gaba ɗaya daga ribar shekara guda. Kaɗan-kaɗan ake rage masa shekara bayan shekara, in kuma ya zo sayar da motar sai an koma ga farashin da ya saye ta. Don haka takardar sayen tana zaune muddin motar na hannu, sannan a fara ƙirga daga shekarar da aka rabu da ita. Takardun fili da shago da rajistar kamfani kuwa ba a ma yi musu lissafin shekaru. Masu kasuwanci tsakanin Kano da Maraɗi su lura cewa a Nijar, da Chadi da Kamaru, dokar lissafin kasuwanci ta ƙasashen OHADA shekara goma ta yanka.

Yanzu mu koma ga fentin nan, domin a kansa za a ga abin da mai bincike ke nema. Kuɗin kayan naira miliyan 20 ne, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama miliyan 1.5, jimla miliyan 21.5. Kamfanin ya cire miliyan 1.5 ɗin daga VAT da ya karɓa a hannun masu sayensa kafin ya miƙa wa gwamnati ragowar, ya kuma sa miliyan 20 a cikin kuɗin kaya, wanda ya rage ribar da za a yanka wa haraji. Duka biyun halal ne. Sai a 2029 wasiƙa ta zo daga hukumar tara haraji ta ƙasa, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Jami'in ba zai karanta kowace takarda ba. Zai buɗe littafin saye ya tsinci wasu layuka, galibi masu manyan kuɗi, ya ce a kawo shaidarsu. Idan layin fenti na ciki kuma aka rasa abin nunawa, zai iya soke miliyan 1.5 na VAT, ya mayar da miliyan 20 cikin riba. Harajin kashi 30 cikin ɗari a kan miliyan 20 miliyan 6 ne. Miliyan 7.5 ke nan a kan ciniki ɗaya na gaskiya, kafin a ɗora tara da kuɗin jinkiri.

Tarar da sabuwar doka ta sa wa rashin ajiye littattafai ita kanta ba ta da yawa, naira 50,000 ga kamfani, 10,000 ga mutum. Asarar tana wurin abin da aka soke. In kuma takardun sun lalace gaba ɗaya, hukuma na da ikon yanka haraji bisa nata ƙiyasi, mai kamfani kuma yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi. Da me zai yi ƙorafin?

Abin da ya kamata a gane shi ne inbois shi kaɗai ba ya gamsar da mai bincike, tunda kowa na iya buga shi a shagon kwamfuta. Yana son ya ga abu huɗu sun gaskata juna: inbois mai sunan kamfanin da ya sayar da lambar harajinsa da VAT a rubuce daban, takardar rakiyar kaya da direba ya kawo, wadda mai sito ya sa wa hannu, shaidar biya a bayanan asusun banki, da layin da aka shigar a littafi. Idan inbois ya ce miliyan 21.5, banki ya nuna miliyan 21.5 sun tafi asusun wannan kamfanin, littafin sito ya nuna bokitin fenti kaza sun shigo a makon, magana ta ƙare cikin minti biyar. Idan kuwa kuɗin asusun wani yaron kamfanin aka tura wa, ko daga asusun Alhaji na kansa suka fita, ko inbois ɗin sunan Alhaji ya ɗauka maimakon sunan kamfani, to ko takardar na nan sai an sha tambayoyi. Wannan haɗa aljihun gida da na kamfani shi ne ciwon da ya fi yawa a kasuwanninmu, kuma babu fayil ɗin da ke maganinsa.

Tsarin ajiyar daga wannan buƙata yake fitowa. Kowane ciniki a ba shi lamba a jere, a rubuta ta da biro a saman inbois, a rubuta ita dai a littafi, sannan a maƙale takardar rakiya da shaidar biya a bayansa. Fentinmu, a ce shi ne saye na 37 a shekarar, ya zama 0037 a ko'ina. Saye da sayarwa kowanne da fayil ɗinsa, wata-wata, domin VAT duk wata ake miƙa bayaninsa, kafin ranar 21 ga wata mai biyowa ta wuce, kuma mai bincike wata-wata zai gwada. Littafin rasit na sayarwa kada a yage masa shafi. Wanda aka yi kuskure a ciki a ja masa layi a bar shi, saboda lambar da ta ɓace a jere tana kama da cinikin da aka ɓoye. Takardun shaidar harajin da abokin ciniki ya cire tun daga tushe su samu fayil nasu daban, don kuɗi ne da za a rage wa kamfani daga abin da zai biya.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: doka da Turanci take son littattafan lissafi. Wanda ke rubuta nasa da Hausa ko ajami, in aka nema, shi zai biya a fassara a kuma tabbatar da fassarar. Littafin bashi na ajami yana da amfaninsa, amma a samu wanda zai riƙa kwashe shi zuwa littafin kamfani kowane mako.

Takarda kuma tana da abokan gaba. Ɗan siririn rasit ɗin da na'urar POS ke fitarwa ba tawada ba ce a jikinsa, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa a zafin bazara yake komawa fari fat cikin 'yan watanni, musamman in an bar shi a mota ko an lulluɓe shi da salatif. A yi masa hoto ko fotokwafi a ranar da aka karɓe shi. Sauran kwalaye a ɗora su kan kanta, nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 sun isa su nuna cewa takardun shekarun baya bai kamata su kwana a rufi ɗaya da kaya ba.

A ɓangaren na'ura, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar WhatsApp a matsayin ma'ajiya. Waya ta faɗi ko yaron shago ya bar aiki da layinsa, shekara uku ta tafi. A ɗauki hoton takardun ciniki guda, a haɗa su a PDF ɗaya, a sa masa suna da zai jera kansa:

```
2025-01-14_SAYE_0037_fenti_21500000.pdf
```

Kwafi ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a faifan ajiya da ke kwana a gida, ɗaya a ma'ajiyar intanet da aka buɗe da imel na kamfani, wanda mai kamfani ya san kalmar sirrinsa. Bayanan banki a sauke su duk ƙarshen wata. Mai amfani da manhajar lissafi ta haya ya fitar da littattafan shekara a PDF da Excel idan an rufe shekara, don ranar da ya daina biya ƙofa na iya rufewa. Sau ɗaya a shekara a gwada: a zaɓi layi biyar a littafin shekarar da ta wuce, a ce wa akawu ya kawo shaidarsu. Abin da ya gagara samuwa a ranar, a nemi kwafinsa wurin mai sayarwa tun yana nan yana kuma tuna cinikin.

Hoto bai soke asali ba. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da takardar da ta fito daga kwamfuta, amma da sharaɗin a kawo bayanin na'urar da yadda aka samar da takardar, jami'i kuma na iya cewa a nuna masa ta ainihi. Don haka abin da ya zo a takarda a riƙe takardar, abin da ya zo ta imel a riƙe shi yadda ya zo. Tun 2025 hukumar ta fara tsarin inbois na intanet da kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 a shekara, inda kowane inbois ke fitowa da lambar tantancewa da alamar QR. Mai sari daga irin waɗannan kamfanoni ya duba cewa lambar na jikin takardarsa kuma ta fito sarai a hoton da ya ɗauka, domin kwafin cinikin yana hannun hukuma tun kafin motar ta iso Kano, kuma da shi za a gwada abin da ya rubuta a littafinsa.