Yadda Ake Zaɓen Sumo Daidai da Rijiyar Burtsatse

Sumo, famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse ya nutse a ruwa, ana zaɓensa ne da lambobi biyu: yawan ruwan da zai tura a awa guda, da tsayin da zai ɗaga ruwan. A jikin famfon da takardarsa ana rubuta na farko da harafin Q, na biyu da harafin H. A kasuwa kuwa mai saye yakan faɗi zurfin rijiyarsa, mai shago ya ce masa doki ɗaya ko doki ɗaya da rabi ne zai yi. Wannan ciniki ya bar ainihin tambayar a baya, domin zurfin da injin haƙa ya kai bai nuna yawan ruwan da rijiyar ke iya bayarwa ba, bai kuma nuna inda saman ruwan yake tsayawa idan ana ja ba.

Lamba ta farko rijiyar ce ke yanke ta. Kowace rijiya tana da iyakar ruwan da ke tsattsafowa cikinta daga ƙasa, kuma famfo komai girmansa ba ya ƙara mata ko ɗigo. A yankunan dutse irin su Zariya, Kaduna da yawancin Kano, ruwan yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke ƙarƙashinsa, don haka rijiyoyi da yawa ba sa kai lita ɗaya a daƙiƙa. A yankunan yashi na Sakkwato da na Tafkin Cadi ana samun masu ba da ninkin haka. Ko a unguwa ɗaya rijiyoyi biyu kan bambanta ƙwarai, shi ya sa famfon maƙwabci ba ma'auni ba ne.

Ruwan da ke tsiri sama ranar haƙa, lokacin da ake busa iska cikin ramin, ƙiyasi ne kawai na ɗan lokaci. Abin dogaro shi ne gwajin ja. Da farko ana auna tsayuwar ruwa, wato nisan da ke tsakanin bakin rijiya da saman ruwa bayan rijiyar ta huta, ba a ja ta ba tsawon dare. Ana yin awon da tef mai ƙara idan bakinsa ya taɓa ruwa. Daga nan a zura famfon gwaji, a ja ruwa hawa-hawa: kaɗan na awa guda, sai a ƙara, sai a sake ƙarawa, ana rubuta inda ruwan ya sauka a kowane mataki. Bayan rijiyar ta farfaɗo, a ja ta da yawa guda ba canji na tsawon awa 24, ko fiye idan gari za ta shayar, sannan a kashe a duba saurin dawowar ruwan. Bambancin da ke tsakanin tsayuwar ruwa da inda ya sauka lokacin ja shi ne faɗuwar ruwa. Rijiyar da ruwanta ya sauka ya tsaya wuri guda tana iya ɗaukar wannan ja. Wadda nata ke ta gangarawa har ƙarshen gwaji an ɗora mata fiye da ƙarfinta.

Misali zai fi bayyana lissafin. A ce an haƙa rijiya mai zurfin mita 60 a wata makaranta a yankin dutse, an sa mata bututu mai ramuka, inda ruwa ke shigowa, daga mita 45 zuwa 54. An yi gwaji a watan Nuwamba, tsayuwar ruwa mita 12. Da aka ja lita 2,900 a awa, ruwan ya sauka ya tsaya a mita 30. Ba a tsara famfo a kan wannan iyaka, saboda gwajin kwana guda bai ga fari ba, bai ga tsufan rijiya ba. Masu aikin sukan ɗauki kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, wanda a nan ya zo kusan lita 2,000 a awa. Takardar gwajin ta nuna cewa a wannan mataki ruwan yana tsayawa a mita 24.

Sai a gwada wannan da buƙata. Idan makarantar na shan lita 10,000 a rana, famfon zai yi awa biyar yana aiki, wanda ya yi daidai ko da wutar sola ce. Da buƙatar ta kai lita 20,000, mafita ita ce awa goma da babban tanki, ba babban famfo ba.

Lamba ta biyu, tsayin ɗagawa, ita ce aka fi kuskurewa. Ana fara ƙirga ta daga saman ruwa lokacin da ake ja, ba daga gindin rijiya ba, ba kuma daga inda aka rataye famfon ba. Dalili shi ne ruwan da ke saman famfon a cikin rijiya yana danna shi da nauyinsa, yana tura ruwa cikin bututun har daidai samansa ba tare da famfon ya yi aikin komai ba. Famfon da aka rataye a mita 40 da wanda aka rataye a mita 30, muddin dukansu suna cikin ruwa, tsayi ɗaya suke ɗagawa. Bambancinsu 'yan mitocin bututu ne kawai. A misalin makarantar lambar ita ce mita 24. Amma an yi gwajin ne bayan damina, lokacin da ƙasa ta ƙoshi. Zuwa Afrilu da Mayu ruwan ƙasa yana sauka, kuma masu tsofaffin rijiyoyi a unguwar sun fi kowa sanin yawan saukar. A nan a ce mita 4 ne, lambar ta zama mita 28.

A kan wannan ake ƙara tsayin da ke sama da ƙasa, daga bakin rijiya zuwa inda bututu ke zuba ruwa a saman tanki. Ƙarfen da tankin ke kai mita 6 ne, tankin kansa mita 2, filin kuma ya ɗaga da mita 1 daga wajen rijiyar: mita 9 ke nan.

Kashi na uku ido ba ya ganinsa. Ruwa yana gogar cikin bututu yana tafiya, kuma wannan guga tana cin ƙarfin famfo kamar an ƙara wa tankin tsayi. Tsawon bututun duka ake lissafawa a nan, har da wanda ke kwance: mita 40 cikin rijiya, mita 50 a ƙasa, mita 10 zuwa saman tanki, jimilla mita 100. Lita 2,000 a awa cikin bututun roba mai faɗin milimita 32 tana cin kusan mita 5 a kowane mita 100. A bututu mai milimita 25 asarar tana haura mita 15, a mai milimita 40 kuwa ba ta wuce mita 2 ba. Wanda ya rage kuɗi a bututu zai biya shi a wuta kullum. Da aka zaɓi mai milimita 32, aka ƙara mita 1 saboda gwiwoyi da bawul, jimillar ta zama 28 da 9 da 5 da 1, wato mita 43. Inda ruwan zai shiga injin tacewa ko yayyafin ban-ruwa maimakon buɗaɗɗen tanki, ana ƙara kusan mita 10 kan kowane ba ɗaya na matsin da na'urar ke buƙata.

Famfon da ake nema yanzu ya fito fili: lita 2,000 a awa a tsayin mita 43. Kowane famfo na kirki yana da zane a takardarsa, layi mai gangarowa da ke nuna yadda ruwan ke raguwa idan tsayi ya ƙaru. Ana neman famfon da layinsa ya ratsa wannan mahaɗa ko ya ɗan wuce samanta, kuma mahaɗar ta faɗo wajen tsakiyar layin, inda famfon ya fi amfani da wutar da yake ci. Tarkon da ke jikin kwali shi ne lambobin Q max da H max. Na farko ruwan da famfon ke bayarwa ne idan babu tsayi kusan sam, na biyu tsayin da yake kaiwa lokacin da ruwa ya daina fita. Ba a samun su tare. Famfon da aka rubuta wa H max mita 45 zai kai ruwa bakin tankin makarantar, amma ƙasa sosai da yawan da aka tsara.

Ƙarfin mota shi ne na ƙarshe a lissafi, kuma yana fitowa daga lambobin biyu:

```
P (kW) = Q (m³/h) × H (m) ÷ 367 ÷ η
P = 2 × 43 ÷ 367 ÷ 0.5 ≈ 0.47 kW
```

Lita 1,000 ita ce m³ guda, η kuma kason ƙarfin da famfon ke mayarwa ɗaga ruwa, wanda a ƙananan sumo yakan zo wajen rabi. Motar da ke sama da 0.47 a jerin da ake sayarwa ita ce mai kilowat 0.55, wato kashi uku cikin huɗu na doki. Rijiyar mita 60 da za a ce sai doki ɗaya da rabi, rabin wannan ya ishe ta.

Da an sa mata babban, zai iya jan kusan ninki biyu na abin da aka tsara, fiye da lita 2,900 da rijiyar ta nuna a gwaji. Alamomin sanannu ne: ruwa ya fito da ƙarfi na 'yan mintoci, ya fara tsartuwa da iska, ya yanke, bayan an huta ya dawo. Ruwan da ke wucewa ta jikin motar shi ke sanyaya ta, don haka duk lokacin da famfon ya shaƙi iska motar tana ɗaukar zafi har ta ƙone. Ja mai tsanani kuma yana iya janyo yashi, wanda ke cinye farfelun famfon ya taru a gindin tanki. Idan an riga an sayi irin wannan, ana iya matse bawul a bakin rijiya a rage ruwan zuwa yawan da aka tsara, ko da yake wutar da ake biya ta wuce aikin da ake samu. Famfon da ya yi ƙanƙanta kuwa ruwansa siriri ne amma ba ya yankewa, kuma yana ƙara sirancewa a bazara.

Wurin rataye famfon yana tsakanin iyakoki biyu. Dole ya kasance mitoci da dama a ƙarƙashin mafi ƙasan inda ruwa zai sauka, kuma ya kasance sama da bututu mai ramuka, domin ruwan ya taso daga ƙasa ya bi ta jikin motar kafin ya shiga bakin famfon. A misalin, mita 40 ta bar ruwan mita 12 a samansa a bazara, da mita 5 tsakaninsa da ramukan. Faɗinsa ma sai an duba: famfo mai inci 4 ya fi samun walwala a kesin mai inci 5. Ana haɗa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya sauka ƙwarai, da waya mai kaurin da ya dace da tsawonta, domin siririyar waya mai nisa tana rage wutar da ke isa motar. Mai janareta kuma ya tuna cewa motar tana zuƙar wuta ninki da yawa a lokacin tashi, sai dai irin ta sola mai tashi a hankali.

Bayan an gama haɗawa ana tabbatar da lissafin da jarka da agogo. A bakin tanki, jarka mai lita 25 ya kamata ta cika a kusan daƙiƙa 45, wanda ya yi daidai da lita 2,000 a awa. Ana auna saman ruwan a rijiya bayan awa biyu ko uku na aiki, a rubuta lambobin da kwanan wata, a sake awon a ƙarshen bazara. Idan jarkar ta fara jinkiri alhali saman ruwan bai canza ba, matsalar tana ga famfon, ko bututun ya fashe a wani wuri. Idan saman ruwan ne ya sauka fiye da da, rijiyar ce ta ragu, kuma abin yi shi ne a rage ja a tsawaita awannin aiki.