Rahoton da za a iya karantawa a tsaye

Duk wanda ya taɓa riƙe sakataren kwamiti, ko jami'in da ke kula da wani aiki a ofis, ya san wannan takaici. Ya zauna ya rubuta rahoton yadda aiki ke tafiya, bai bar komai ba, ya tura wa shugabanni. Bayan kwana uku sai shugaba ya kira shi yana tambayar abin da ke rubuce ƙarara a shafi na biyu. Sau da yawa ba raini ne ya jawo haka ba. Shugaban ya buɗe saƙon ne a waya, tsakanin wani taro da wani, ya karanta layi huɗu na farko, ya ga gaisuwa ce da tarihin aikin, sai ya ce zai dawo daga baya, kuma bai dawo ba.

An daɗe da auna wannan ɗabi'a. A 1997 Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke amfani da kwamfuta, ya wallafa sakamakon wani gwaji inda kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suka riƙa bin rubutun da ke kan allo da ido sama-sama, kashi 16 kawai suka karanta kalma bayan kalma. A 2006 shi da abokan aikinsa suka bi motsin idon masu karatu da na'ura, suka ga ido yakan cinye layukan sama, sannan ya gangaro ta gefen hagu yana tsintar kalmomin farko na kowane layi. Abin da wannan ke nufi ga mai rubuta rahoto a boko shi ne, saman shafi da bakin kowane layi su ne wuraren da yake da tabbacin za a gani. Sauran kuwa sai wanda ya ga dama.

Daga nan ne mutane da yawa ke ɗaukar darasin da rabi. Sun ji an ce a riƙa jera magana da ɗigo, wato ɗan baƙin tabon nan da ake sawa a bakin layi, sai su farfasa rahoton gaba ɗaya ya koma ɗigo ashirin ko talatin. A ido ya yi tsaf, amma mai karatu ya gama bai san abin da ake so ya yi ba. Dalili kuwa, idan aka yanka magana aka jera ta da ɗigo, kalmomin da suka fara zubewa su ne "saboda", "amma", "don haka", "in ba haka ba". Su kuwa waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke ɗauke da hujja. Ɗigo yana nuna cewa abubuwan da ke jere sa'o'in juna ne, babu wanda ya haifi wani, babu wanda ya fi wani nauyi. In kuwa ɗaya ne sanadin ɗaya, jerin ya ɓoye gaskiya.

Mu ɗauki misali, mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana gina ajujuwa uku a makarantarsu ta dā. An tara naira miliyan 9, an kashe miliyan 6.2, saura miliyan 2.8. Gini ya wuce linta, an riga an sayi katakon rufi an ajiye a fili. Kafinta ya ce kwano da ƙusa da kuɗin aikin rufe ajujuwa ukun za su ci miliyan 4, na biyu kuwa miliyan 2.7. Ga damina ta kawo kai. Sakataren da ya ɗauki darasin da rabi zai rubuta wani abu kamar haka:

- An gama linta
- An sayi katako
- Kwano ya yi tsada
- Damina ta kusa
- An gyara ƙofar shiga makaranta
- Saura miliyan 2.8

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ɗan kwamitin da ya karanta wannan zai ce madalla, aiki na tafiya, ya rufe wayarsa. Gyaran ƙofa ya zauna kafaɗa da kafaɗa da zuwan damina kamar nauyinsu ɗaya, kuma babu inda aka ce kuɗin da ya rage ba zai kai ba.

Gyaran yana farawa ne da tambaya guda da marubuci zai yi wa kansa kafin ya taɓa alƙalami: in mai karatu layi uku kawai zai karanta, me ya wajaba ya sani? A wannan misali amsar ita ce akwai giɓi, kuma ana buƙatar hukunci kafin wata rana. Don haka rahoton zai buɗe, bayan sallama ta layi ɗaya, da sakin layi irin wannan: "Muna buƙatar hukuncin kwamiti kafin Juma'a. Kuɗin da ya rage, miliyan 2.8, ba zai rufe ajujuwa ukun ba, domin rufin zai ci miliyan 4. Shawararmu ita ce a rufe biyu yanzu a kan miliyan 2.7, saboda in ruwa ya sauka katakon da ke fili zai lalace, a bar na ukun sai an sake tara kuɗi." Jimla uku ce, kuma ko shugaba ya tsaya a nan ya san halin da ake ciki, ya san abin da ake so daga gare shi, ya san ranar. 'Yan jarida sun daɗe suna yin haka, su sa gundarin labari a sakin layi na farko, bayanai su biyo baya gwargwadon muhimmancinsu. Rundunar sojan Amurka ma ta mai da shi ƙa'idar rubutun ofis, cewa a fara da matsaya kafin bayani.

Na san wannan yana yi wa wasunmu nauyi. Mun saba a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, a yi shimfiɗa, kafin a zo kan buƙata, kuma faɗa wa manya "muna buƙatar hukuncinku" a layi na biyu yana iya kama da rashin kunya. A ganina ladabin yana cikin lafazi, za a iya cewa "muna roƙon kwamiti ya duba", amma wurin zamansa dai sama ne. Dattijon da aka ɓoye wa maganar giɓin kuɗi a ƙasan shafi na biyu, har katako ya jiƙe bai sani ba, ba a girmama shi ba.

Bayan wannan buɗewa ne ɗigo ke samun aikinsa na gaskiya. Ƙarƙashin ɗan kanu mai cewa "Abin da aka kammala a wannan wata" za a iya jera linta, sayen katako, gyaran ƙofa, domin waɗannan da gaske sa'o'in juna ne, kuma ko an juya jerinsu ma'ana ba ta canzawa. Wannan shi ne gwajin da nake ba kowa: ka sauya wa ɗigogin wuri a ranka. In babu abin da ya lalace, jeri ne na gaskiya. In sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar matakan biyan ɗan kwangila, to lamba ta fi dacewa, 1, 2, 3. In kuwa ka ji kana son saka "saboda" tsakanin biyu daga cikinsu, to a mayar da su sakin layi.

Kowane ɗigo kuma ya tsaya da ƙafarsa. "Katako" ba magana ba ce; "An sayi katakon rufin ajujuwa uku, yana ajiye a filin makaranta" magana ce. A fara su duka da siga ɗaya, in "An gama" ne, sauran ma su zama "An sayi", "An gyara", don ido ya gangara ba tare da tuntuɓe ba. Idan jeri ya haura biyar ko shida, yawanci abubuwa iri biyu ne aka cakuɗa, sai a raba su ƙarƙashin kanu biyu. A ɓangaren ayyukan da ke gaba, kowane layi ya ɗauki abu uku: aikin, wanda zai yi shi, da ranar. "Za a nemo farashin kwano" ba ya kan kowa. "Ma'aji zai kawo farashin kwano daga dillalai biyu ranar Laraba" yana kan mutum guda.

Akwai wata cuta da ta fi yawan ɗigo haɗari, wato ɗigo a cikin ɗigo, ƙarami ƙarƙashin babba, har hawa uku ko huɗu. Ido yana ɗaukar abin da ya fi shigewa ciki a matsayin abin da bai da muhimmanci. Misalin da aka fi kawowa a kan wannan mai ɗaci ne. A Janairun 2003, lokacin da kumbon Columbia ya tashi, wani ɓallin kumfar da ke rufe tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Injiniyoyi suka gabatar wa manajojin NASA bayani a allon PowerPoint. Kanun wani shafi mai muhimmanci yana kwantar da hankali, amma can ƙasa, cikin ƙananan ɗigogi, aka ambata cewa ɓallin da ake magana a kai ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau ɗaruruwa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka mutu. Edward Tufte ya yi nazarin wannan shafi dalla-dalla, kuma hukumar da ta binciki hatsarin ta soki yadda aka maye gurbin cikakken rahoton fasaha da irin waɗannan shafuka. Ba ɗigo ne ya kashe su ba, sanadin hatsarin yana da rassa da yawa. Amma shafin ya nuna yadda gargaɗi ke iya kasancewa a rubuce kuma ba a gan shi ba.

Shi ya sa matsala, a kowane rahoto, sakin layi take buƙata. A misalinmu, ƙarƙashin kanun "Dalilin giɓin kuɗi", sakatare zai yi jimla uku ko huɗu: kiyasin farko an yi shi ne da tsohon farashi, kwano ya tashi tun daga lokacin, kuma wasu alƙawuran gudummawa ba su shigo ba. Jimlar farko ta ɗauki gundarin maganar, domin ita ce mai bin shafi sama-sama zai gani. Gajeren sakin layi ba ya nufin kowace jimla ta zauna ita kaɗai. Wannan ma ɗigo ne da aka cire wa tabo. Ma'aunin shi ne magana ɗaya a sakin layi ɗaya, kuma a tuna cewa layi huɗu a kwamfuta yakan zama goma a waya.

Tunda yawancin irin waɗannan rahotanni ta WhatsApp suke yawo yanzu, yana da kyau a san cewa manhajar tana yin jeri da kanta tun 2024. Karan ɗori da tazara a bakin layi suna zama ɗigo, tauraro biyu kuma suna kaurara rubutun da ke tsakaninsu:

```
*Abin da aka kammala*
- An gama linta
```

A kaurara kanu da ranar da ake jiran hukunci kawai, domin in rabin shafi ya yi kauri babu abin da zai fito fili. Dogon saƙo kuma manhajar takan datse shi, sai an taɓa kafin sauran ya buɗe, wanda hakan ƙarin dalili ne na sa buƙata a sama.

Kafin a tura, a miƙa wa wani da bai san aikin ba, a ba shi rabin minti, a karɓe wayar, a tambaye shi abu uku: aikin yana kan lokaci ko ya makara, me ake so a yanke, kuma yaushe. A misalinmu, in ya ce "kuɗi bai kai ba, ana so a amince a rufe aji biyu kafin Juma'a", sai a tura. In ya ce "an gama linta", a ɗauko maganar giɓin daga inda ta maƙale a kai ta sama, a sake ba shi.